Gora nawa zan sayar kafin yawur ya biya haya?

Maman Hadiza: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya ga masu sanin lissafin kasuwa. Ina yin yawur a gora, ina da ɗan shago a Bukoki, nan Yamai. Ciniki kam alhamdu lillahi, a wata ina fitar da gora kamar 1,200, wato 40 ke nan a rana. Amma duk ƙarshen wata, in mai shago ya aiko karɓar haya, sai na ɗebo daga kuɗin madara na cika masa. Mutane na gani ana shiga ana fita suna cewa na samu, ni kuwa ban ga abin da ke zama ba. Abin da nake son sani shi ne, gora nawa ya kamata in sayar a wata in tashi ba riba ba faɗuwa? In na san wannan adadin, ko ba komai zan san inda nake tsaye.

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam Maman Hadiza. Aikina ke nan, kwantabul ne ni, kuma tambayarki tana da amsa da lamba. Amma sai kin raba mini kuɗin da kike kashewa gida biyu. Na farko, kuɗin da ke bin gora: in kin yi gora ɗaya sun fita, in ba ki yi ba suna aljihunki. Na biyu, kuɗin da ba ruwansu da ciniki: ko kin rufe shago kin tafi biki sati biyu, sai kin biya su. Rubuto mini kowanne da farashinsa, kada ki bar ko ƙarami.

Maman Hadiza: To Malam. Haɗi ɗaya yana ba ni gora 100. Madarar gari kilo 3, jika 9. Sukari kilo 2, sefa 1,500. Gora da murfinta guda 100, sefa 3,500. Gaz da ƙamshi da irin da nake zubawa ya kama, kamar jika guda. Duka jika 15. Ina sayar da gora sefa 250.

Na wata kuma: haya jika 30, wuta kamar jika 25 saboda firigo biyu ne ke aiki dare da rana, yarinyar da ke taya ni jika 30, ruwa jika 3. Fatanti ina biyan jika 24 a shekara.

Malam Isuhu: Madalla. Jika 15 a raba gida 100, kowace gora ta ci miki sefa 150 kafin ta bar hannunki. Kin sayar 250, saura 100. Wannan ɗarin ita ce zuciyar maganar, kuma ba riba ba ce tukuna. Ita ce abin da gora take bari bayan ta biya madararta da sukarinta da murfinta, kuma aikinta na farko shi ne biyan haya da wuta da albashi.

Na wata kuwa, 30 da 25 da 30 da 3 sun zama 88, a ƙara jika 2 na fatanti, tunda 24 ne a wata 12, jika 90 ke nan. Sai mu tambaya, ɗari nawa za a tara a kai 90,000? Amsa 900. Gora 900 a wata, 30 a rana. Ta 901 ita ce ta fara ba ki riba, kuma daga nan kowace gora ɗarinta taki ce. In kina sayar da 1,200, kamata ya yi ki ga jika 30 sun rage. Tunda ba kya ganinsu, akwai abin da bai shigo lissafin nan ba. Duk 1,200 ɗin a 250 suke fita?

Maman Hadiza: A'a Malam. Wanda ya zo shagona ne yake saya 250, su kamar gora 500 ne a wata. Sauran 700 masu butik nake kai wa a 200, su kuma su sayar 250.

Malam Isuhu: To ga inda kuɗin suka shiga. Gorar da kika ba mai butik ita ma 150 ta ci, saboda haka 50 take bari, rabin ta shago. 500 sau 100, jika 50. 700 sau 50, jika 35. Duka jika 85, ga kuma jika 90 suna jiranki. Kin ga tun nan kina ƙasa da jika 5, ba mu ma taɓa sauran abubuwa ba.

Abdul-Aziz: Inna, ni ɗalibi ne amma mun yi wannan a aji. Ki raba jika 90 ɗin nan a kan gora 1,200, kowace gora ta ɗauki sefa 75. Ki haɗa da 150, ainihin kuɗin gora ya zama 225. Ke kuma kina ba masu butik a 200. Ashe duk gorar da kika kai musu faɗuwar 25 kike yi, sau 700 kuwa 17,500 ne a wata. Shawarata ki daina kai musu kawai, ki tsaya a kan masu zuwa shago.

Alhaji Mamman: Ɗana, ni mai butik ne a Wadata, kada ka raba mu da masu kawo mana kaya tun ba a gama magana ba. Bari mu ji ta bakin Malam.

Malam Isuhu: Abdul-Aziz, rabon da ka yi daidai ne, 225 ɗin ba ƙarya ba ne. Shawarar da ka ɗora a kai ce za ta kayar da ita. Mu gwada. Gobe ta daina kai wa masu butik. Hayar shago ta ragu? Ba ta ragu ba. Albashin yarinya? Yana nan. Fatanti? Yana nan. Jika 90 suna nan daram, abin da ya tafi shi ne jika 35 da gorunan nan 700 suke kawowa. Sai ta rage da jika 50 a gaban jika 90, faɗuwar da take jika 5 ta koma jika 40.

Abin da ke ruɗar mutane a 75 ɗin nan shi ne ba a tsaye take ba. Ta zama 75 ne don an raba a kan 1,200. In aka koma 500, haya da wuta iri ɗaya za su hau kan gora 500 kaɗai, kowace ta ɗauki 180. Shi ya sa in ana shawarar a karɓi wani ciniki ko a bar shi, ba a duban wannan rabon. Ana duban abu biyu ne: shin farashin ya wuce abin da gorar ta ci da kanta, kuma in an bar cinikin, wane kuɗin wata ne zai tafi tare da shi da gaske. In barin masu butik zai sa ta kashe firigo ɗaya, ta sallami yarinya ta yi aikin da kanta, to wannan wata magana ce, sai a sake lissafi. In ba abin da zai ragu, hamsin ta fi babu.

Abdul-Aziz: Na gane Malam. Amma dai ba za a dawwama ana sayar da abu ƙasa da 225 ba ko?

Malam Isuhu: Nan kana da gaskiya. In duk gorunan a 200 za su fita, sai ta sayar da 1,800 kafin ta rufe jika 90. Cinikin butik yana taimakawa, amma shi kaɗai ba zai ɗauki shagon ba.

Hajiya Rabi: Sannunku. Na daɗe ina yin bisap da lemun hari da ƙanƙara a Talaje, kuma akwai abin da ban ji an ambata ba. Ƙanwata, kin ce haɗi ɗaya gora 100. Duk ɗarin ake biyanki? Yawur ba ya jira. In wuta ta ɗauke da rana tsaka a watan Afrilu, kafin la'asar za ki ga murfi ya kumbura, ruwa ya rabu ya hau sama, ki buɗe ki ji tsami ya buge ki. Wannan ba mai saye. Ga wanda masu butik suke maido miki, ga wanda yara suka sha da suka dawo daga lakkol, ga na baƙuwa. Madararsu duk an saye ta da kuɗi.

Maman Hadiza: Haka ne Hajiya. In na kwatanta, cikin ɗari kamar 5 ba sa zama kuɗi.

Malam Isuhu: Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. Jika 15 ɗin ba a kan 100 za a raba su ba, a kan 95 da aka sayar ne. Gora ta koma kusan 158. Ta shago tana barin 92, ta butik tana barin 42. Ku lura, sefa 8 ɗin nan ba su yi wa ta shago wani lahani ba, amma a ta butik kusan kashi ɗaya cikin shida suka cinye. Yanzu 500 sau 92 ya ba da 46,000, 700 sau 42 ya ba da 29,400. Duka 75,400.

Akwai kuma wanda ba ya zuwa da takarda ƙarshen wata, shi ya sa ake mantawa da shi. Firigon nan biyu nawa kika saye su?

Maman Hadiza: Jika 180 kowanne. Amma ai na riga na biya, ba na bin kowa ba a bina.

Malam Isuhu: Kin biya, amma kullum suna tsufa, kuma ranar da injin ɗaya ya tsaya daga cikin cinikin nan za a sayi wani. In muka ce za su yi shekara 5, jika 360 a raba wata 60, jika 6 ne a wata. Ki ɗauka haya ce kike biyan firigo, ki ware ta. Kuɗin wata sun zama jika 96.

Ga amsar tambayarki ke nan. A yadda kike haɗa cinikinki yanzu, 5 a shago 7 a butik cikin kowace dozin, gora tana barin kusan 63 in an gauraya, wato 75,400 a raba 1,200. Jika 96 a raba wannan, wajen gora 1,530 a wata, 51 a rana. Ke kina kan 40. Kowane wata kina ƙasa da kusan 20,600. Jika 6 daga ciki ba kya jin zafinsu yanzu don na firigo ne, sauran 14,600 kuwa su ne kike ɗebowa daga kuɗin madara.

Maman Hadiza: Inna lillahi. Wallahi kusan abin da nake ciko ke nan, jika 15 haka. Daga 900 mun koma 1,530.

Ila na Tawa: Salamu alaikum. Ni daga Tawa nike, injin niƙa gare ni. Wanga lissafi shi nike bida tun da daɗewa. Na sai injin jika 600. Malam, wata nawa za ni yi in maida kuɗina? Niƙan tiya sefa 50 muke amsa.

Malam Isuhu: Malam Ila, tambayarka ƙanwar wannan ce amma ba ita ba ce. Maman Hadiza tana tambayar nawa za ta sayar a wata kada watan ya ci ta. Kai kana tambayar yaushe jari zai dawo. Sai an amsa ta farko ake iya amsa ta biyu. Tiya ɗaya nawa take ci na gazuwal da gyaran faifai, kuma nawa kake biya a wata ko injin bai tashi ba?

Ila na Tawa: Gazuwal da wasa faifai, in munka kwatanta, kamar 20 ga tiya. Hayar rumfa da yaron da ka aiki jika 45. Muna niƙa kamar tiya 2,000 ga wata.

Malam Isuhu: To tiya tana bar maka 30. Jika 45 a raba 30, tiya 1,500, wato 50 a rana, nan ne ba riba ba faɗuwa. Tiya 500 da ke sama su ne ke maido da jari, jika 15 a wata. Jika 600 a raba 15, wata 40, in ba ka taɓa kuɗin ba kuma injin bai nemi babban gyara ba. In niƙa ta ƙaru zuwa 2,500, abin da ke sama ya ninka, wata 20 ke nan. Ƙarin kwata a aiki ya rage rabin lokaci, saboda rumfa da yaro an riga an biya su.

Alhaji Mamman: Mu koma kan yawur. Ni a ganina gyaran mai sauƙi ne. Ta sauko da farashin shagonta zuwa 200, dala arba'in, mutane za su yi mata ca. Kasuwa da yawa ake cinta, ƙaramar riba mai yawan juyi.

Hajiya Rabi: Alhaji, wannan a buhun shinkafa ne, wanda in bai fita yau ba zai fita jibi. Kuma in ta sayar 200 a shago, kai da kake sayar da nata 250 wa zai saya a wurinka?

Malam Isuhu: Alhaji, mu sa lamba a kai. Rage 50 daga 250 kashi ɗaya ne cikin biyar na farashi, ana ganinsa kaɗan. Amma madara ba ta rage nata farashin ba, saboda haka duk hamsin ɗin daga cikin 92 za ta fita, ta koma 42. Kafin ta sake tara 46,000 da gora 500 suke ba ta yau, sai ta sayar da kusan 1,100 a shagon. Ninki biyu da ɗoriya, don kawai ta dawo inda take. In kuma duk cinikin ya koma 42, jika 96 suna neman gora wajen 2,290 a wata, 76 a rana. Maman Hadiza, firigonki nawa suke iya sanyayawa a rana?

Maman Hadiza: In an matsa, 60. Fiye da haka na ƙasa ya daskare, na sama bai yi sanyi ba.

Malam Isuhu: Kun gani. Hanyar ba ta ɓullewa. Kafin ta kai 76 sai ta sayi firigo na uku, shi kuma ya zo da jika 3 na tsufansa da ƙarin wuta wajen jika 12. Kuɗin wata sun tashi daga 96 zuwa 111, adadin da ake nema ya sake gudu gaba. Kuɗin da muke cewa ba sa motsi, iyakar abin da kayan aikin yanzu za su ɗauka ne ba sa motsi. In an wuce nan tsalle suke yi gaba ɗaya.

Hajiya Rabi: Ni wurin wuta ne ban yarda da Malam ba. Ka sa jika 25 kamar haya, alhali ba haka take ba. Takardar wutata ta Janairu da ta Mayu ba su taɓa zama ɗaya ba. In kana zuba kaya masu ɗumi kullum, kana buɗewa kana rufewa, injin ba ya hutawa. Wannan ai bin gora ne.

Maman Hadiza: Gaskiya ne. Lokacin ɗari na biya jika 19, da zafi har 32 ya kai.

Malam Isuhu: Hajiya, ba na musu, wuta tana da ƙafa a gida biyu. Akwai abin da firigo zai sha ko gora goma ce a ciki, akwai ƙarin da yawan kaya ke jawowa. Matsalar ita ce ƙarin nan daga 19 zuwa 32, ba mu san nawa ne na yawan gora ba, nawa ne na zafin gari kawai, tunda su biyun tare suke zuwa. Shi ya sa ni na fi son a bar ta a kuɗin wata, amma a yi lissafi biyu, na ɗari da na bazara. Da ɗari kuɗin wata jika 90, ana neman wajen gora 1,430. Da bazara jika 103, wajen 1,640, kusan 55 a rana.

Hajiya Rabi: To ni har yanzu na fi ganin a ɗora wani abu a kan gora, ko sefa 5 ne, don mutum ya tuna sanyi ba kyauta ba ne. Amma lissafi biyun na yarda da shi, don ciniki ma ba ɗaya ba ne. A Disamba wa ke neman abu mai sanyi? In azumi ya faɗo cikin zafi kuwa, kafin magariba firigo ya zama wayam. Abin da aka samu a watannin nan shi ke biyan hayar watannin ɗari, in ba a cinye shi ba.

Sannan akwai wanda duk ba ku sa ba. Ita kanta fa? Tun asuba tana tafasa ruwa, tana dama madara, tana cika gora ɗaya bayan ɗaya. Yarinya tana da albashi, ita ba ta da shi?

Alhaji Mamman: Mai abu ba ya yi wa kansa albashi, Hajiya. Abin da ya rage shi ne nasa. Tun iyayenmu haka ake yi.

Hajiya Rabi: In abin ya rage ba. In bai rage ba fa, ta yi wa mai shago da mai madara aiki kyauta ke nan.

Malam Isuhu: Ku biyun kowa da inda ya tsaya, ni sai in ja layi biyu. Layin farko shi ne wanda muka yi, inda shago yake biyan kansa. Na biyu shi ne inda yake biyan mai shi. Mu ɗauki mafi ƙarancin albashi na ƙasar nan, wanda aka kai sefa 42,000 daga Janairun 2024. In aka ɗora shi a kan jika 96, an sami 138. A kan 63, wajen gora 2,200 ke nan, 73 a rana, firigonta ba za su iya ba. Amma da duk gorunan a shago suke fita a kan 92, jika 138 gora 1,500 ne cif, 50 a rana, kuma wannan firigon za su ɗauka. Layin farko ma a kan 92 gora 1,044 ne kawai, ƙasa da abin da take sayarwa yau. Don haka ni ba yawan gora nake gani matsalarta ba. Ƙofar da gorunan suke fita ce. Gora ɗaya a shago ta fi biyu a butik.

Abdul-Aziz: To ai mun dawo kan maganata Malam, a bar butik.

Malam Isuhu: A'a. A bar butik ranar da aka sami mai sayen gorar a 250, ko ranar da firigo ya cika har ta butik tana tare wa ta shago wuri. Yau tana kan 40, wurin 60 gare ta, ba wadda take tare wa wata. Da bazara in ta kai 60, a nan ne za ta fara rage wa masu butik.

Alhaji Mamman: Ni kuma da nake da kaya sun fi kala ɗari a butik, yaya zan yi wannan lissafin? Ba zan zauna ina ƙirga ashana da sabulu ɗaya ɗaya ba.

Malam Isuhu: Kai da kuɗin ciniki za ka yi, Alhaji. Ka duba cikin kowace jika da ta shigo, nawa ke ragewa bayan ka cire kuɗin sarin kayan. In 100 ne, kuma kuɗin watanka jika 80 ne, sai ka yi cinikin jika 800 kafin ka tashi. Amma ka kula, in watan ya zama na shinkafa da sukari ne masu ƙaramar riba, ɗarin nan za ta ragu ko da cinikin ya kai.

Maman Hadiza: Malam, in na ƙara wa masu butik zuwa 225 fa?

Malam Isuhu: Gorar za ta bar 67 maimakon 42. In duk suka zauna, 46,900, a haɗa da na shago 92,900, saura jika 3 da ɗari ki kai. Ko wasu sun gudu ba lallai ki faɗi ba: gora 440 a kan 67 sun kai abin da 700 suke ba ki yau. Sai in kin rasa fiye da 260 ne ƙarin ya zama hasara.

Alhaji Mamman: A takarda ne wannan. Ni ba zan karɓa a 225 in sayar 250 ba. Firigona ma wuta yake sha, kuma wurin da gorarki ta zauna akwai lemo da ruwan leda da suke son wurin. In na ga 25 kawai zan samu, wani zan kira. Masu yawur sun yi yawa a garin nan. Fiye da 260 ɗin za ki rasa, ki rubuta ki ajiye.

Hajiya Rabi: To a raba. Ta ba ku a 210, amma abin da kuka karɓa kun karɓa, ba maidowa. Ƙanwata, ki duba da kyau, ina kyautata zaton yawancin biyar ɗin nan da ke lalacewa daga firigon masu butik suke dawowa, don wasu kashe shi suke yi da dare.

Malam Isuhu: In aka yi haka, gorar butik ta koma cin 150, tana barin 60. Sau 700, jika 42. Da 46 na shago, jika 88, saura 8. Jika 8 a kan 92 gora 87 ne a wata, wato ƙarin mutum uku a rana a ƙofar shago. In kuma 210 ne amma ana maidowa, 52 take bari, giɓin ya zama 13,600, ƙarin gora biyar a rana. Kafin ki yanke, ki sami kaye ki ja layi huɗu kullum: wadda kika yi, wadda ta fita a shago, wadda ta tafi butik, wadda ta lalace da inda ta lalace. Ki kuma rubuta bashin da ke wurin masu butik daban, don lissafin nan yana ɗauka duk gorar da ta fita an biya ta, mai haya kuwa kuɗi a hannu yake so.

Alhaji Mamman: 210 zan iya. Amma rashin maidowa, daga Maris zuwa Mayu ban yarda ba. In wuta ta ɗauke ba laifina ba ne, ba zan ɗauki hasarar ni kaɗai ba.

Hajiya Rabi: Ita ma ai ba laifinta ba ne, Alhaji. In tsoron hasara kake, ka karɓi goma goma kullum maimakon talatin a kwana uku.

Alhaji Mamman: To wa zai biya mai kabu-kabu kullum daga Bukoki zuwa Wadata?

Maman Hadiza: Yanzu dai yarinyar ce take kai wa na kusa da ƙafa, na nesa kuma ɗana yake kai musu a moto sau biyu a sati, ina ba shi jika guda na esansi duk tafiya. Malam, wannan ma ban sa shi a lissafin ba. Gidan farko zai shiga ko na biyu?

Malam Isuhu: Jika 8 ne a wata, kuma ba gora yake bi ba, tafiya yake bi. Amma na cinikin butik ne shi kaɗai, saboda haka daga 29,400 ɗinsu za ki cire shi, su koma 21,400. Ki faɗa mini gora nawa ne cikin 700 ɗin suke hawa moton. In na nesa ba su wuce 190 a wata ba, esansin ya cinye duk abin da suke bari, kuma su kam ana iya barinsu tun gobe.